Jibi ina da intabiyu: me zan tambaye su in suka ce "kina da tambaya?"

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Jibi Alhamis ina da intabiyu da wata ƙungiyar agaji, gurbin mataimakiyar akanta a ofishinsu na Maiduguri. Ni a Kano nake, ta bidiyo za a yi. Wannan ne karo na uku da aka kira ni tun da na gama bautar ƙasa, kuma a biyun farko duk a ƙarshe nake rikicewa. Da zarar an ce "kina da wata tambaya?" sai kaina ya kulle. A na farko cewa na yi babu, na gode. A na biyu na tambayi albashi, sai na ga mutumin ya yi wani irin murmushi ya rubuta wani abu a takarda. Duka biyun ban samu ba.

A tallan wannan aikin an rubuta kwantiragin shekara ɗaya ne, ana iya sabuntawa, kuma akwai yawan tafiya wuraren aiki. Ba su saka albashi ba. Na tanadi tambayoyi uku: nawa ne albashi, kwana nawa ne hutun shekara, yaushe zan ji daga gare su. Sun yi, ko in canza?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ta farkon ita ce tambaya, sauran duk ado ne. Za ki bar Kano ki tafi Maiduguri, ki kama haya, ki ci abinci, sannan ki ji kunyar tambayar kuɗi? Wannan ai sayen kifi a ruwa ne. Duk kamfanin da zai ƙi ki don kin tambayi albashi, da ma ba wurin zama ba ne.

Malam Ƙarami:
Allah ya ba da sa'a. Ni shawarata, ki fara da gabatar da kanki a natse, sunanki, makarantar da kika yi, inda kika yi bautar ƙasa. Kada ki yi sauri. Ki saka kaya masu mutunci, ki tabbatar kina da data isasshe da caji.

Autar Mama:
Amin Malam, na gode. Amma ba wannan ɓangaren nake nufi ba, na ƙarshe nake nufi, inda ni ce zan tambaye su.

Malam Ƙarami:
Au, to a nan ai godiya kawai ake yi. A zamaninmu mai nema ba ya tuhumar mai bayarwa.

Anti ta Kaduna:
Malam, da girmanka, zamani ya juya a nan. Na zauna a kwamitin intabiyu na irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da shekara goma, bari in faɗa wa 'yata yadda abin yake daga can ɓangaren tebur.

Yawanci mu uku ne ko huɗu: wanda zai zama shugabanki kai tsaye, wani daga sashen kula da ma'aikata, da wani daga wani sashe na daban. Kowa da takardar maki a gabansa, tambayoyi iri ɗaya ake yi wa duk wanda aka kira. A wuraren da na yi aiki, tambayarki ta ƙarshe ba ta da maki a takardar. Amma idan an gama da mutum biyar, aka tara maki, sau da yawa biyu na sama tazararsu maki ɗaya ne ko biyu. Daga nan sai a ajiye biro a fara magana. A wannan maganar ce za ki ji shugaban ya ce, "waccan da ta tambayi batun odit, ita ta san aikin." Wanda ya ce babu tambaya ba a rage masa komai, sai dai ba a tuna shi.

Tambayoyinki uku, ta uku ki riƙe ta, amma ki sa ta a ƙarshe, kuma idan sun riga sun faɗi lokacin da za su sanar, ki bar ta. Ta biyu ki jefar. Hutu yana cikin takardar ɗaukar aiki, za ki gani da idonki kafin ki sa hannu. Wanda bai fara aiki ba yana lissafin ranar hutu, kin san abin da zai zo wa mai sauraro a rai. Ta farko kuma za mu dawo kanta, don ni da Ɗan Kurna ba mu daidaita ba.

Tambayar da ba ki rubuta ba, kuma ita ce ta fi duka ukun, tana cikin tallan da kanki kika karanto mana: "ana iya sabuntawa". Sabuntawa da kuɗin wa? Albashin irin wannan gurbi ba daga aljihun ƙungiya yake fita ba, daga tallafin wani shiri ne, kuma kowane tallafi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ki tambaya a natse: wane shiri ne ke ɗaukar nauyin wannan gurbi, kuma zuwa yaushe tallafinsa zai kai? Ba wanda zai ji haushin wannan. Akanta ce ke, aikinki ne sanin layin kasafin da ake cajin kowane kashe kuɗi a kai.

Baban Khalifa:
Anti ta gama magana. Da na san wannan tambayar da ban shiga halin da na shiga ba. A Nuwamban 2024 na bar aikin koyarwa na karɓi aiki a wata ƙungiya a Yobe, takarda ta ce shekara ɗaya. Na biya hayar shekara a Damaturu, na kwaso iyali. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta sa hannu kan dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, cikin 'yan kwanaki umarnin tsayar da aiki ya iso mana, don shirinmu gaba ɗaya da kuɗin USAID yake tafiya. Sai a lokacin na koma na karanta kwantiragina da kyau, na ga layin da ya ce aikin ya dogara ne da samuwar kuɗi. Wata uku na yi. Mai gida kuma bai mayar mini da ko sisi ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya mayar da alheri Baban Khalifa, amma tsakani da Allah ko ka tambaya ba abin da zai canza. Su kansu a watan Nuwamba ba su san za a yi haka ba.

Baban Khalifa:
Gaskiya ne ba su sani ba. Amma da na tambaya da na san ƙafa ɗaya gurbin yake tsaye a kai. A ofis ɗinmu akwai wani direba da wata mai kula da sito da aka raba albashinsu tsakanin shiri biyu, ɗaya kuɗin Turai ne. Su ba a sallame su ba, rage musu kwanakin aiki aka yi. Da na sani da aƙalla ban kwaso yara ba, da hayar wata shida zan nema.

Anti ta Kaduna:
To kin ji, 'yata. Ki haɗa wannan a cikin tambayar: mai tallafi ɗaya ne ko an raba gurbin a kan shiri fiye da ɗaya. Kuma ki saurari yadda amsar ta fito, ba kalmomin kawai ba. Idan shugaban ya ce miki kai tsaye, "shirin zai kai watan kaza na shekara kaza", wannan wuri ne da ake magana a fili. Idan suka kalli juna aka ce "muna sa ran za a ƙara mana", ki fahimci cewa saura 'yan watanni ne kuma ba a sa hannu kan sabo ba. Ba ƙarya suka yi ba, sa ran suke da gaske. Sai dai mai gidan haya ba ya karɓar sa rai.

Autar Mama:
Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. To Anti in na yi wannan sai me? Ina jin ana cewa a yi tambaya biyar ko shida don a nuna an shirya.

Anti ta Kaduna:
A'a. Ki shirya biyar, ki yi biyu ko uku. Dalilin shirya biyar shi ne, wasu za a amsa su tun a tsakiyar hira, sai ki tsallake su. Babu abin da ke zubar da mutum kamar ya tambayi abin da aka yi masa bayani minti goma da suka wuce. Kuma ki tuna akwai wani yana jira a layi, minti biyar ne kasonki, in ya yi yawa bakwai.

Ta biyu da nake so ki yi: wannan sabon gurbi ne, ko wani ne ya bari? Idan wani ne ya bari, tun yaushe kujerar take babu kowa? A aikin kuɗi amsar nan tana gaya miki abin da za ki tarar a kan tebur. Kujerar mataimakin akanta da ta yi wata huɗu babu kowa, ma'anarta bauca sun taru ba a jera ba, kuɗin da ma'aikata suka karɓa na tafiya ba su kawo rasit ba, wataƙila ma ba a daidaita littafi da bayanan banki ba tun da wancan ya tafi. Idan kuma aka ce mutum uku ne suka riƙe ta cikin shekara biyu, sai ki yi wa kanki tambaya. Amma kada ki ce "me ya sa ya tafi?" da sigar bincike. Ki tambayi tsawon lokacin kawai, sauran za su fito da kansu in suna son faɗa.

Daga nan sai ki ɗora: a wata ukun farko, wane abu ne idan na kammala shi za ku ce kun yi dacen ɗauka? Wannan tambayar shugaban sashe take sa wa ya buɗe baki. Zai ce miki, misali, rahoton kwata yana makara kullum saboda takardun da ke zuwa daga ƙauyuka, ko odit na tafe a watan kaza. Ga dabarar: idan ya faɗi damuwarsa, kada ki ce "to, na gode" ki wuce. Ki ba shi jimla biyu daga abin da kika taɓa yi. A ina kika yi bautar ƙasa?

Autar Mama:
A sashen kuɗi na wani asibiti mai zaman kansa. Ni nake daidaita littafin kuɗi da bayanan banki duk ƙarshen wata, kuma na tarar da na wata biyar ba a yi ba, ni na kammala.

Anti ta Kaduna:
Kin gani? Kina da zinariya a hannu kina neman tambayar hutu. Idan ya ce aiki ya taru, ki ce kin taɓa tarar da na wata biyar, ki faɗi cikin sati nawa kika gama da yadda kika fara. Jimla biyu, ki yi shiru.

Ɗan Kurna:
Duk na yarda Anti, amma har yanzu ba ki ba ni amsar kuɗi ba. Ta yi duk wannan, su ɗauke ta, sai takarda ta zo da abin da bai kai kuɗin mota da haya ba. Ba ɓata lokacin kowa aka yi ba?

Anti ta Kaduna:
Ɗana, ban ce kada ta yi maganar kuɗi ba, lokacin ne da mutumin. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da matakan albashi a rubuce, gurbin yana kan mataki kaza, shugaban sashe ba shi da ikon ƙara mata a zaune a nan. Kafin a ce an zaɓe ta, ita ɗaya ce cikin biyar. Ranar da aka kira ta aka ce ita aka zaɓa, ranar ce maganarta take da nauyi, don ba mai son a sake tara kwamiti. Sau da yawa ma su ne za su tambaye ta nawa take sa rai, ƙofa ta buɗe da kanta. Idan har aka zo ƙarshe ba a ambata ba, tana iya fuskantar wanda ya zo daga sashen ma'aikata ta ce: tunda aikin zai sa in tashi daga Kano, a wane mataki ne za a yi bayanin albashi da alawus? Wannan ba irin "nawa za ku ba ni" ba ce, kuma sau da yawa a nan take za a faɗa mata daga nawa zuwa nawa ne.

Ɗan Kurna:
Ba cinya ba, ƙafar baya. Tambayar kuɗi ce dai aka sa mata lalle.

Tsohon Taila:
Ni ina bayan Ɗan Kurna a wani wuri, ba ko'ina ba. Maganar Anti daidai ce a inda ake da tsari. Amma akwai inda in ba ka tambaya da bakinka ba, ka shiga uku. Na yi intabiyu a cikin ginin wani banki, ma'aikatan bankin suka yi mini tambayoyi, na koma gida ana ta yi mini murna. Da takarda ta zo sai ga sunan wani kamfanin dillancin ma'aikata a sama. Shekara huɗu ina kan kanta ɗaya da wani, aiki ɗaya, albashinsa ya fi ninkin nawa, shi ana yi masa ƙarin girma ni babu. Tambaya ɗaya ce ta kuɓuce mini: sunan wa zai kasance a kan takardar ɗaukar aikina? Kuma Auta, wannan ya shafe ki, don ƙungiyoyin ma wani lokaci babba ce ke talla amma ƙaramar abokiyar aikinta ce za ta ɗauke ki, ko a ɗauke ki a matsayin mai aikin wucin gadi ba cikakkiyar ma'aikaciya ba.

Ɗan Lissafi:
Tunda an zo kan kuɗi bari in sa baki, don inda mutane ke faɗawa rami ba tambayar "nawa" ba ce, rashin tambayar "kafin cirewa ko bayan cirewa" ne. A ɗauka an ce mata dubu 300 a wata. Misali ne kawai, ban san abin da suke biya ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, kuma lissafin ba zai gaza ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri ba. A ce waɗannan ukun sun kama dubu 240 cikin 300 ɗin. Kashi 8 ɗinsa 19,200 ne, ya tafi asusun fanshonta. Sai haraji. A sabon tsarin da ya fara aiki a Janairun 2026, dubu 800 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 da ke biye da su kashi 18. Albashinta na shekara miliyan 3.6, a cire fansho 230,400, saura 3,369,600. Harajin ya kama 330,000 da 66,528, wato 396,528 a shekara, kimanin dubu 33 a wata. Abin da zai shigo mata wajen dubu 248 ne, in ba a yi mata rangwamen haya ba, kuma in babu wata cirewa. Tazarar dubu 52 ke nan duk wata. Wanda ya ƙulla haya da cefane a kan 300 ya san abin da nake nufi ranar da alat na farko ya shigo.

Amma ni ma ba a gaban kwamiti zan yi wannan lissafin ba. Ranar da aka kira ta da albishir, ta ce a turo mata rabe-raben albashin a rubuce.

Maman 'Yan Biyu:
Duk maza kun tafi lissafi kun bar abin da ya fi damun mace. Auta, kina da aure? In kina da shi ko yana kusa, ni a ganina ki tambayi hutun haihuwa. Ni ban tambaya ba, da lokaci ya yi aka ba ni sati shida, ga tagwaye. Sannan wannan "yawan tafiya" da suka rubuta, zuwa ina?

Ɗan Kurna:
Wannan ba sai an tambaya ba Maman 'Yan Biyu, doka ta riga ta ce sati 12. Wanda ya ba ki shida zaluntarki ya yi.

Ɗan Lissafi:
Rabin gaskiya ke nan. Dokar ƙwadago ta ce sati shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma abin da ta wajabta shi ne aƙalla rabin albashi, ga wadda ta yi wata shida tana aikin. Sannan ma'anar "ma'aikaci" a wannan dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka mai muƙami irin na akanta abin da ke cikin kwantiraginta da littafin dokokin ma'aikata na wurin shi ne madogararta ta farko. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sati 16 suke samu, amma wannan tsarinsu ne, bai hau kan ƙungiya mai zaman kanta ba.

Anti ta Kaduna:
Maman 'Yan Biyu, na fahimce ki, ni ma uwa ce. Amma zan faɗi abin da ba daɗin ji. Na ga an tambayi hutun haihuwa a ƙarshen intabiyu, kowa ya amsa da fara'a, bayan ta fita wani ya ce "kwantiragin shekara ɗaya, za ta tafi wata uku." Ba a rubuta wannan a ko'ina, bai halatta ba, muka kuma tsawatar masa, amma maganar ta riga ta shiga kunne. Shawarata, bayan an ba ta takarda, kafin ta sa hannu, ta nemi littafin dokokin ma'aikata. Hutun haihuwa, inshorar lafiya, kwanakin hutu, duk suna ciki, ba tare da ta bayyana komai game da kanta ba.

Maman 'Yan Biyu:
To ni dai Anti ban gamsu ba. In kowa ta ɓoye, yaushe za su saba da jin tambayar? Kuma wurin da zai ƙi ni don zan haihu gara in sani tun yanzu.

Anti ta Kaduna:
Ba zan ce kin yi kuskure ba. Wadda ke da wani aikin a hannu tana iya gwada su da wannan. Wadda ta shekara tana nema, ni ba zan sa ta a gaba ba.

Amma rabin maganarki ta biyu, wannan kam dole ce, kuma na gode da kika tuna mana. Auta, "wuraren aiki" a Borno na iya nufin sansani a cikin gari da za ki je ki dawo kafin la'asar, yana kuma iya nufin Monguno ko Dikwa ko Ngala, inda ma'aikatan agaji da yawa da jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya suke zuwa, a kwana a can. Ki tambaya: waɗanne garuruwa ne, kamar kwana nawa a wata, kuma wane tanadi ake yi na masauki da tsaro? Wannan tambayar mai hankali ce, ba ta matsoraci ba. Yadda ba a so a yi ta shi ne "ba dai za ku tura ni ƙauye ba ko?", don wannan ya nuna tun yanzu kin ƙi abin da aka rubuta a talla.

Autar Mama:
Ba ni da aure tukuna, amma Baba ya ce sai ya san garuruwan kafin ya amince. To ga yadda na tsara: tallafi da ranar ƙarewarsa, gurbin sabo ne ko tsoho da abin da ake so a wata uku, sai garuruwan. In lokaci ya rage, yaushe zan ji. Wata ƙawata ta ce in ƙara da "yaya kuka ga ƙoƙarina, na ci?" wai yana nuna ƙarfin hali.

Anti ta Kaduna:
Kada ki kuskura. Ba su tara maki ba, akwai waɗanda ba a gani ba tukuna, ba mai ikon amsa miki, sai dai ki sa su a tsaka mai wuya. Haka nan "me ƙungiyarku take yi?", wannan yana shafinsu, tambayarsa na nufin ba ki duba ba. Kuma don Allah ban da "Alhaji wane ya ce in gaishe ku". Na ga wanda wannan gaisuwar ta jawo aka cire shi, don sai da ɗan kwamitin ya bayyana cewa ya san mai gaisuwar.

Tsohon Taila:
Kada ki manta da sunan da ke kan takarda.

Malam Ƙarami:
Ni dai har yanzu ina ganin tambayoyin sun yi yawa ga yarinya a gaban manya. Amma Allah ya sa a dace.

Autar Mama:
Salam, na dawo da labari. An yi jiya, minti arba'in. Su uku ne. Garuruwan su da kansu suka faɗa tun a tsakiya, Maiduguri ne mazauni, sai Monguno kamar sau ɗaya a wata lokacin biyan masu aikin sa-kai, don haka na tsallake wannan. Da na tambayi tallafi sai shugaban sashen kuɗi ya gyara zama, ya ce shirin zai ƙare 30 ga Satumba, mai tallafi ɗaya ne, sun miƙa takardar neman ƙari amma ba a amsa ba. Wato wata bakwai ne tabbas, ba shekara ba. Gurbin kuma wata ce ta samu ƙarin girma tun Nuwamba, tana nan a ofis ɗin, kuma ya ce babbar damuwarsa rasit ɗin tafiye-tafiye da ba a kawo ba kafin odit. Na ba shi labarin wata biyar ɗin asibiti, har ya tambaye ni yadda na fara. Matar sashen ma'aikata ce ta tambaye ni nawa nake sa rai, na faɗa, na kuma tambaya ko adadinsu kafin cirewa ne, ta ce eh. Takarda da sunansu za ta fito. Sun ce cikin sati biyu.

Yanzu matsalata, in sun kira, in tafi saboda wata bakwai?

Ɗan Kurna:
Kin ga dai a ƙarshe sai da aka yi maganar kuɗin. Ki tafi mana, zaman me kike a gida?

Anti ta Kaduna:
Su suka buɗe ta, ɗana, ba ita ba. Auta, wadda ta riƙe kujerar tana nan kuma sama ta yi, wannan alama ce mai kyau, akwai mai nuna miki inda komai yake. Idan sun kira, ki duba ranar ƙarewa da za su rubuta a kwantiragin, Satumba ce ko shekara cif, da kwana nawa na sanarwa za su ba ki in kuɗi ya yanke.

Baban Khalifa:
In kin tafi kada ki biya hayar shekara. Ki tambayi wadda kika gada ko akwai ma'aikata mata da ke neman wadda za su raba gida da ita, ko ki sauka wajen 'yan uwa zuwa Yuli, lokacin za a san ko ƙarin ya fito. Kuna da kowa a Maiduguri?

Autar Mama:
Akwai ƙanwar Mama a Bulumkutu, amma ban san nisanta da ofis ɗin ba. Bari su kira tukuna.